Martani ga Malamin da Ya Soki Takardata Kan Hukuncin Yaƙi a Addinai

Malam, na karanta sukar da ka rubuta kan takardar nan mai shafi goma da na gabatar a taron ƙara wa juna sani na sashenmu, wadda na kwatanta yadda malaman Musulunci da na Kiristanci da na Yahudanci suka yi tunani kan yaƙin da ya halatta. Zargi huɗu na ƙirga a cikinta. Uku ban yarda da su ba, ɗaya kuwa kana da gaskiya a rabinsa, kuma zan faɗi inda gaskiyar take.

Zarginka na farko shi ne wai na jera Musulunci kafaɗa da kafaɗa da sauran addinai, kamar ina cewa duk kanwar ja ce. Malam, takardar ba ta taɓo maganar wane addini ne gaskiya ba, ko da jimla ɗaya. Tambaya guda ta yi wa malaman addinai uku: idan runduna ta kewaye gari mai ganuwa, a ciki akwai mayaƙa, akwai kuma mata da yara da fursunoni, shin ya halatta a harba manjaniƙi, wato babbar majaujawar nan mai jifa da duwatsu, alhali maharbi ba ya iya zaɓen wanda dutsen zai faɗa wa? Kwatanta amsoshin da aka ba tambaya ɗaya bai zama daidaita addinai ba, kamar yadda Ibnu Rushdi, wanda ya rasu a 1198, bai mai da mazhabobi abu ɗaya ba don ya jera ra'ayoyinsu a Bidayatul Mujtahid. Ai daga wurinsa na ɗauko tsarin: a kawo mas'ala, a kawo saɓani, sannan a nemo dalilin saɓanin.

Zargi na biyu ya fi nauyi. Ka ce na ɗauko mudun Kiristoci na auna fikihu da shi. Wannan ciwo ne na gaske a irin waɗannan takardu, kuma na sha ganinsa a rubutun ɗalibai. Ɗalibi zai ɗauko sharuɗɗa uku da Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya gindaya a mas'ala ta 40 ta kashi na biyu cikin ɓangare na biyu na littafinsa Summa, wato izinin shugaba, da dalili na adalci, da kyakkyawar niyya. Sai ya zana jadawali, ya shiga farautar aya ko hadisin da zai cusa a kowane gurbi. Alamar takardar da ta kamu da wannan ciwo a bayyane take: duk gurabe sun cika, babu inda addini ɗaya ya faɗi abin da ɗayan bai yi tunaninsa ba. Ka duba shafi na uku, na ƙi bin wannan hanya da gangan. Na nuna cewa fikihu ya fara kasa yaƙi ne gwargwadon wanda ake yaƙa, domin hukuncin yaƙar abokan gaba na waje daban yake da na yaƙar 'yan tawaye Musulmi, waɗanda ba a bin wanda ya gudu daga cikinsu, ba a kuma ƙarasa mai rauni. Wannan babi ba shi da takwara a sharuɗɗan Akwinas. Na kuma nuna cewa Musa bin Maimun, malamin Yahudawa da ya rasu a Masar a 1204, ya raba yaƙi gida biyu: na wajibi, da na ganin damar sarki, wanda ba a shiga shi sai da amincewar kotun dattawa 71. Kowa na bar shi ya yi magana da harshen gidansu.

Ka kuma ce tambayar ko yaƙi yana da dalilin da ya halatta shi baƙuwa ce, Turawa suka kawo mana. A nan ƙasar aka yi wannan muhawara tun kafin zuwansu. Shehu Muhammadu Aminu al-Kanemi ya rubuta wa Sakkwatawa yana tambayar hujjar yaƙar Barno, yana cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Muhammadu Bello ya ba da amsa, ya kafa hujja da taimakon da Barno ta ba sarakunan Hausa a kan Jama'a, ya kuma adana wasiƙun, har da na abokin jayayyarsa, a cikin Infaƙul Maisuri. Mutumin da ya kwafe hujjar mai sukarsa a littafinsa domin na baya su karanta ba zai ga laifin takardar da ta jera hujjoji ba.

Yanzu bari in dawo kan garin da aka kewaye, domin a nan zarginka na uku ya faɗi. Ka ce na lulluɓe bambanci don in faranta wa kowa. Ga abin da takardar ta kawo, ka yi hukunci da kanka.

A ɓangaren Musulunci an fara da asali: wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu bin Abi Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, wadda ke cikin Muwaɗɗa, ta hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ta hana sare itace mai 'ya'ya da rushe wurin da ake zaune. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san babin jihadi ya maimaita hanin kashe mata da yara. To, idan maƙiya suka yi garkuwa da waɗannan, ko da fursunoni Musulmi fa? A nan malamai suka rabu. Hanafiyya, bisa abin da ke littattafan siyar na Shaibani wanda ya rasu a 805, sun halatta harbi muddin mayaƙa maharbi ya nufa, suna cewa da za a dakata saboda haka, kowace ganuwa sai ta ajiye fursuna ɗaya ta tsira. Imamu Malik ya ƙi yarda a jefa wuta a kan ganuwa ko jirgin ruwan da ke ɗauke da fursunoni Musulmi, ya kafa hujja da aya ta 25 ta Suratul Fathi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya shiga tsakani a Mustasfa da sharuɗɗa uku masu tsauri: larurar ta zama ta rai da mutuwa, ta zama tabbatacciya ba zato ba, ta kuma shafi al'umma gaba ɗaya. Ya fayyace cewa idan a cikin ganuwa aka yi garkuwar, ba a harbi, domin babu larurar da ta tilasta sai an ci wannan ganuwar. Ana iya juyawa a tafi.

A ɓangaren Kiristanci, wanda ya tunkari mas'alar kai tsaye shi ne Faransisko de Bitoriya, a laccarsa ta 1539 a Salamanka ta ƙasar Sifaniya. Ya ce ba ya halatta a nufi marar laifi da kisa, amma idan yaƙin na adalci ne kuma ba a iya cin ganuwar sai da harbin da zai taɓa marasa laifi, to ya halatta. Sai ya ɗora awo a kai: idan cin garin ba zai ƙara wani abin kirki ga nasara ba, ga kuma marasa laifi da yawa a ciki, bai halatta a hallaka masu yawa don kama 'yan tsiraru ba.

Ka lura da inda zaren ya rabu. Bitoriya da Hanafiyya sun haɗu a kan niyya. Amma Bitoriya yana auna ɓarna da amfani a kan sikeli, Gazali kuwa ya ƙi wannan lissafi, har ya kawo misalin jirgin ruwan da zai nutse, ya ce bai halatta a jefa mutum ɗaya cikin ruwa don sauran su tsira ba, saboda mutanen jirgi ƙidayayyu ne, ba al'umma ba ce. A idon Gazali, rinjayen adadi kaɗai ba ya buɗe ƙofar jinin marar laifi. Shi kuma Musa bin Maimun ta wata ƙofa ya ɓullo. A babi na shida na dokokin sarakuna cikin Mishne Tora ya ce a fara tayin sulhu, sannan idan za a kewaye gari a kewaye shi ta fuska uku, a bar ta huɗu ga mai son tsira da ransa. Hankalinsa yana kan yadda za a fitar da mutane tun kafin a kai ga harbi. Na daɗe ina juya wannan hukunci a raina, domin yana tambayar kwamanda abin da ya yi jiya, kafin ya zo yau yana cewa ba shi da zaɓi. Amsoshi daban-daban ne, Malam, kuma a cikin fikihu kaɗai an samu uku.

Takardar ba ta kuma ɓoye abin da ke da ɗaci ba. Ta ambaci cewa sura ta 20 ta Maimaitawar Shari'a, wadda ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya, ita ce kuma ta umarci a shafe wasu al'ummomin Kan'ana. Ta ambaci kisan da mayaƙan Salibiyya suka yi a Ƙudus a 1099. Ta kawo bayanin Ibnu Rushdi cewa saɓani kan kashe tsoho da mai zaman ibada a majami'a ya taso ne daga ko illar halaccin kisa kafirci ce ko iya yaƙi, kuma akwai ƙaulin Shafi'i da ya tafi kan ta farko. Wanda ke neman faranta wa kowa ba zai rubuta waɗannan layuka ba.

Zargi na huɗu kashi biyu ne. Ka ce shafi goma ya yi wa irin wannan batu kaɗan, tunda ban taɓo Hindu ba. Na san babi na bakwai na dokokin Manu ya hana makami mai dafi da dukan mai barci ko wanda ya ajiye makami. Amma waɗannan dokokin fito-na-fito ne a fagen daga, tambayata kuwa ta ganuwa ce, kuma gajeriyar takarda tana iya riƙe tambaya ɗaya da kyau, ba ta iya riƙe biyar.

Kashi na biyu kuwa, na karɓa. A shafi na shida na rubuta kamar Akwinas ne ya ɗora ƙa'idar aiki ɗaya mai sakamako biyu, wanda aka nufa da wanda ba a nufa ba, a kan mutanen da ba mayaƙa ba. Ka ce ba haka ba ne, kuma gaskiyarka. Ya yi wannan magana ne a mas'ala ta 64, a kan mutum ɗaya da ya kashe wanda ya far masa yana kare kansa. Mas'ala ta 40 ba ta zana jerin waɗanda ba a taɓawa a yaƙi ba. Na baya ne, irin su Bitoriya, suka ɗauko wannan tunani suka kai shi bakin ganuwa, bayan shekara fiye da 250. Kuskuren ya sa al'adar Kirista ta bayyana kamar a ɗinke take tun farko, alhali ita ma sannu a hankali aka gina ta. Na gyara sakin layin, na mayar da maganar ga mai ita, kuma zan aiko maka da sabon shafi na shida kafin zaman sashe na gaba.