A Auna Yadi Kafin a Dubi Lamba

Maganarmu ta wannan mako a kan ɗinkakkun kaya take, waɗanda ake saro wa dozin-dozin a Kantin Kwari ko a dila a Ƙofar Wambai. Kullum muna jin rigima iri ɗaya: an sayar wa mutum riguna biyu masu lamba ɗaya, ɗaya ta zauna masa daidai, ɗaya ko maɓalli ta ƙi sawuwa. Ya dawo da ita, a yi ta musu, ƙarshe riba ta tafi, mai saye ma ya tafi. Mu a ganinmu laifin namu ne, don mun dogara da lambar wuyan riga mun manta da yadin.

Yadi iri biyu ne. Akwai mai saƙar tsaye da kwance, kamar shadda da atamfa da yadin shat. Wannan ba ya miƙewa, yadda aka yanka shi haka zai zauna. Akwai kuma mai miƙewa, irin saƙar singileti da safa, wadda zarenta ke shiga madauki cikin madauki, ko kuma yadin da aka cusa wa zaren roba. Shi wannan jiki yake bi.

To, ga misali. Mutum ya zo, an zagaya ƙirjinsa da tef, inci 40. In shat yake so ta yadi marar miƙewa, sai a shimfiɗa ta a kan tebur da maɓallanta a rufe, a auna daga hammata zuwa hammata. In an sami inci 22, zagayenta 44 ke nan, akwai rarar inci 4 ta numfashi da ɗaga hannu. Ita ce tasa. In kuwa 20 aka samu, daidai da jikinsa cif, to ta yi kaɗan. Tsakanin maɓallan zai buɗe baki, ran da ya miƙa hannu hammata ta yage. Amma riga mai miƙewa ta inci 20 za ta zauna masa lafiya lau, ta 19 ma za ta shiga in mai son ɗamammiya ne. Ka ga mutum ɗaya, awo biyu.

Saboda haka in mai saye ya faɗa tsakanin lamba biyu, a yadi marar miƙewa a ba shi babbar. Tela yana iya rage riga, amma ba shi da inda zai samo ƙari, ga shi kuma auduga takan ɗan tsuke a wankin fari. A mai miƙewa kuwa ƙaramar takan isa.

Sai dai mun ji wasu suna cewa, "Ai mai roba ce, kowa ma za ta yi masa." Wannan magana ita ke jawo mana asara. Miƙewa hawa-hawa ce, gwada ta kuwa ba wuya. A kama inci 4 na yadin ta faɗinsa, nesa da ɗinki, a ja a hankali a kan tef har ya fara turjiya. In ya tsaya a 5, ya ƙaru da rubu'i kawai, kada a rage lamba sosai. In ya kai 6, ya ƙaru da rabi, ana iya ragewa. Jins mai ɗan roba sau da yawa ko 5 ɗin ba ya kaiwa, don haka kusan awon jiki za a ba da shi. Sannan a saki a gani. In bai koma 4 ba, robar ta mutu, kwana kaɗan gwiwa da wuya za su saki. 'Yan gwanjo su lura da wannan ƙwarai, don tsohuwar roba har ƙara take yi in an ja ta.

Akwai kuma wuraren da ba su cika miƙewa ba ko da yadin na roba ne: ɗinkin kafaɗa, da wurin zif, da ƙugun wando mai maɓalli. Nan awon jiki za a bi. Alamar an matsa wa riga fiye da ƙima ita ce launinta ya koɗe a ƙirji, zanen da aka buga ya tsage, tsawonta ya ɗage sama, har a riƙa hango abin da ke ciki. Wanda ya sayar wa matar aure irin wannan, ya san ba za ta sake aiko masa ba.

Shawararmu ga masu sari: a kayan da ba sa miƙewa a rinjayar da dozin wajen manyan lambobi, don babba tana da gyara, ƙarama kuwa sai ta kwana a rumfa. Dillali kuma kada ya ƙulla ciniki bai buɗe ɗaya ya ja ya auna ba, musamman da yake lambar wani kamfani ba ita ce ta wani ba. Kuɗin tef bai kai na riga ɗaya da aka dawo da ita ba. Kowa ya rataya nasa a wuya.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.