Babban od ba garaɓasa ba ne

A gidajen kallon ƙwallo za ka ji samari na cewa wanda ya san ƙwallo ba ya ɓata lokaci a kan 1X2, wai kuɗin yana Correct Score da HT/FT, inda od ke kaiwa 7, 15, har 30. Wannan magana kuskure ce mai tsada. Nan ne kamfanin caca ya fi yankar kasonsa.

Biyan kansa ba shi da wuya. Kuɗin da ka zuba ake ninkawa da od: ₦500 a kan 1-1 mai od 7.00 zai dawo da ₦3,500, ribarka ₦3,000. Minti 90 da ƙarin alƙalin wasa ake lissafawa, ban da ƙarin lokaci na minti 30 da bugun fanareti. A HT/FT kuwa, 2/1 na nufin baƙi na gaba a hutun rabin lokaci, masu gida su yi nasara a tashi. Ka dace da ɗaya ka kuskure ɗaya, tikiti ya yanke.

Kason kamfani fa? Raba 100 da kowane od, ka tara sakamakon. Abin da ya haura 100 shi ne nasa. A ɗauka 1X2 na da 2.10, 3.40 da 3.60. Jimla 104.8 ke nan, wato kusan ₦5 cikin kowace ₦100. HT/FT zaɓi tara gare shi. A ce od ɗinsu 3.20, 5, 5, 6, 8, 15, 15, 26 da 34. Jimlar ta kai 120.5, don haka ₦83 kawai ke komawa hannun masu zubawa, ₦17 ta tafi tun ba a take wasa ba. Correct Score ya fi haka yawan zaɓi, kuma kowanne an ɗan ƙwaƙule shi.

Yawan zaɓin ne ke ɓoye ɓarnar. Idan aka mayar da 2.10 zuwa 1.80, kowa zai gani ya koma wani kamfani. Amma sakamakon da ke faruwa sau ɗaya cikin 40, aka sa masa 26 maimakon 40, wa zai gane? Ido na kan girman lambar, alhali an zaftare fiye da kashi ɗaya cikin uku na biyan. Gaskiya ne ƙiyasta 4-2 ya fi wuya, kamfani na kare kansa daga kuskure, amma daga aljihunka yake biyan kariyar.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu haɗa irin waɗannan wasanni uku a tikiti ɗaya. Kason ninkuwa yake yi: 0.83 sau 0.83 sau 0.83 ya ba da 0.57. Cikin ₦1,000 ta ɗan acaɓa, kusan ₦430 ta riga ta zama ta kamfani, komai sanin da ya yi wa Arsenal.