Kuɗin Rashin Sani: Abin Da Baƙo Ke Biya A Motocin Hayar Abuja

Yau ba siyasa zan yi ba, maganar mota ce, kuma ina roƙon duk wanda ke da ƙani ko ɗa da zai fara aiki ko bautar ƙasa a Abuja ya daure ya karanta har ƙarshe.

Watan jiya ɗan yayata ya kama aiki a wani ofishi kusa da Sakatariyar Tarayya. Kamar yawancin ƙananan ma'aikata, ba shi da halin kama ɗaki a cikin gari, sai ya sauka wurin abokinsa a Mararaba. Ranar farko da yamma ya kira ni murya a sanyaye, ya ce, "Kawu, anya zan iya aikin nan? Kuɗin motar da na ware na kwana uku, yau kaɗai suka tafi." Da na bi diddigi sai na gane abin da ya faru. Ya sauka a AYA, ya ga tasi babu kowa a ciki, ya tsayar, ya ce Sakatariya, ya buɗe baya ya zauna. Direba bai ce komai ba, shi ma bai tambaya ba. Da suka isa aka caje shi kuɗin shata. Bai san cewa a garin nan tasi ɗaya tana aiki iri biyu ba.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don ni ma haka aka yi mini shekarun baya da na zo. Abin da nake son faɗa shi ne, motocin hayar Abuja suna da tsari, tsari mai ƙarfi ma kuwa. Kowace mota ta san layinta, kowane direba ya san inda zai juya, tsohon fasinja ya san kuɗin da zai miƙa ba tare da ya buɗe baki ba. Matsalar ita ce babu inda aka rubuta tsarin nan. Yana cikin kan mutane ne kawai, kuma wanda bai sani ba shi ke biyan tarar rashin sani.

Abu na farko da na koya wa yaron shi ne bambancin "alon" da "durof". Alon shi ne motar da ke bin layinta, tana ɗauka tana saukewa a hanya, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. A ƙaramar mota mutum huɗu ne a baya, sau da yawa biyu a gaba. Durof kuwa shata ce, kai kaɗai, a kai ka har ƙofar inda za ka. To ka lissafa da kanka: idan motar mutum shida ce kai kaɗai ka hau, ai kuɗin mutum shida za ka biya, ko fiye. Saboda haka kafin ƙafarka ta shiga mota, ka faɗi sunan wurin ka haɗa da kalmar alon, ka kuma ji kuɗin daga bakin direba. Idan motar babu kowa a ciki, to nan ne ma tambayar ta zama dole.

Abu na biyu, baƙo ya daina tunanin adireshi, ya koma tunanin mahaɗa. Motar alon ba ta san lambar ofishinka ba, sunayen 'yan wurare ta sani, kuma su direbobi da kwandastoci ke kira. Wanda ya fito daga Mararaba da Nyanya, hanyarsa ta biyo ta Kugbo ta faɗo AYA. Wanda ya fito daga Zuba, Dei-Dei ko Kubwa, babban titin Kubwa zai biyo, yawanci ya nufi Berger ko kasuwar Wuse. Na Lugbe kuma titin filin jirgi zai biyo ya shigo ta ƙofar gari, ya nufi Area 1 ko Berger. Idan ka riƙe AYA, Area 1, Berger, Wuse da Sakatariya, ka riƙe kan igiyar. Duk inda za ka a cikin gari, tambayar da za ka yi ita ce, wace mahaɗa ce ta fi kusa da shi, daga nan kuma motar ina zan hau? Taswirar waya za ta nuna maka titi, amma ba za ta gaya maka a wane gefen gada motocin Kubwa ke lodi ba. Mutum zai iya shafe rabin awa a tsaye yana mamakin me ya sa duk motar da ya faɗa wa wurin zuwansa take wucewa, alhali tsallaka titi kawai ya kamata ya yi.

Dalilin da ya sa tafiyar ke yankewa gida biyu ko uku ma yana da tarihi. Tun 2006 aka hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar birnin, a 2013 kuma aka hana ƙananan bas-bas ɗin nan da ake kira araba shiga cikin gari. Manyan motocin da aka ce za su maye gurbinsu ba su taɓa isar jama'a ba. Sai ƙananan tasi da motocin gida suka cike giɓin. Shi ya sa za ka hau Keke Napep daga unguwa zuwa bakin titi, ka hau bas ko tasi zuwa mahaɗa, sannan ka sake hawa wata zuwa ofis.

Abu na uku shi ne kuɗin. Mutane na cewa ai babu tsayayyen farashi, direba abin da ya ga dama yake faɗa. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Farashin yana motsi, amma da dalili yake motsi. Da safe kowa cikin gari ya nufa, don haka shiga gari ke tsada, motar da ke komawa Mararaba a lokacin kusan wayam take tafiya. Da yamma abin ya juya. Direban da ya cika mota zuwa gari ya dawo da mutum ɗaya, dole kuɗin zuwan ya ɗauki nauyin dawowar. Ƙara da cunkoson Nyanya, inda sawu ɗaya ke cin lokacin sawu biyu, ga kuɗin tikitin tasha, ga ruwan sama da ke tara fasinja a ƙarƙashin gada. Uwa uba man fetur. Kafin a cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Duk wanda ya ba ka farashin da ya sani shekara biyu baya, ya ba ka tsohon labari.

Don haka na ce wa yaron ya yi abu ɗaya na sati guda: ya riƙa rubuta kowace hawa a wayarsa, daga ina zuwa ina, ƙarfe nawa, nawa ya biya. Kuma kada ya tambayi direba shi kaɗai, ya tambayi wanda ke tsaye kusa da shi a bakin titi, ko ya lura da abin da na gefensa ya miƙa. Ranar Asabar muka zauna muka duba. A ce Keke 200, Mararaba zuwa AYA 500, AYA zuwa Sakatariya 300, ka ga 1,000 ke nan da safe. Da yamma a ce ya tashi 1,300 saboda rububi. A rana 2,300, a kwana 22 na aiki 50,600. Alƙaluman misali ne, gobe ma za su iya canzawa, amma ka ajiye su kusa da mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ka ga abin da ya rage na abinci da haya. A lissafi irin wannan, naira 200 da ake ƙara wa baƙo a kowace hawa ba ƙaramin abu ba ne.

Rubutun ya nuna masa abubuwan da baki ba zai gaya masa ba. Idan ya fito kafin shida na safe yana samun mota kai tsaye zuwa Sakatariya, ya huta da canjin mota a AYA. Idan ya jinkirta tashi daga ofis har bayan Magariba, kuɗin kan sauko. Ya kuma koyi riƙe canji, don wanda ya miƙa dubu ɗaya a tafiyar 300 yakan ƙare ana haɗa shi da wani fasinja a ce su je su raba.

Amma abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne, rai ne. Duk mazaunin Abuja ya san 'yan wan-cans, masu shigar direba da fasinjoji, su ɗauki mutum su ƙwace waya da katin banki, wani lokaci su turo shi waje mota na gudu. Wa suka fi samu? Wanda bai san inda ake lodi ba, ya tsaya shi kaɗai a inda ba tasha ba, dare ya yi masa, sai ga mota ta tsaya tana kiran daidai inda za shi, a farashi mai sauƙi. Na ce wa yaron, ka hau a inda ake lodi ko da za ka jira mota ta cika. Ka guji mai baƙin gilashi. Idan na ciki ya fito ya ce ka shige tsakiya, ka haƙura da motar. Idan aka fara hirar wasu kuɗi da aka gani a but, kada ka sa baki, ka nemi sauka a wuri mai jama'a. Ba na cewa fentin kore da fari garanti ne, kuma na san da yawa daga masu ɗaukar fasinja a motar gida ma'aikata ne irina da ke neman kuɗin mai. Sai dai baƙo ba ya iya bambancewa tukuna, don haka ya bar wannan sai idonsa ya buɗe.

Ra'ayina a nan shi ne, bai kamata ilimin nan ya ci gaba da zama sirri ba. Ƙungiyoyin direbobi suna karɓar kuɗin tikiti kullum, suna da mutane a kowace tasha. Me zai hana a kafa allo a AYA, Berger da Area 1, a rubuta motar ina ke lodi a nan da kuɗin yau? Za a ce farashi na canzawa. To gidajen mai ma nasu na canzawa, kuma suna rubutawa. Ko da alli ne a rubuta na safe da na yamma. Ko an bar kuɗin ma, sunan layi kaɗai zai hana mutum tsayawa a inda ɓarayi ke farauta. Direban kirki ba ya asarar komai da allon, rigimar canji da ta farashi ma za ta ragu masa.

Kafin a yi wannan, nauyin yana kanmu. A ofisoshinmu muna nuna wa sabon ma'aikaci teburinsa da rajistar sa hannu, ba ma tambayarsa a ina yake kwana, ta ina yake zuwa. Minti goma da takarda ɗaya sun isa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san abin da zai tambaya.

Ɗan yayata yanzu ya waye, har shekaranjiya na ji yana yi wa wata 'yar bautar ƙasa kwatancen motar Lugbe. Ku da ke bin layin Kubwa, Lugbe ko Gwagwalada, ku rubuto mana nawa kuke biya a satin nan da inda ake lodi, wani baƙon zai amfana. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai mu gidajenmu lafiya.