Tsakanin 1,10 da 1,25: lambar da bai kamata a ninke a sa aljihu ba

Akwai wata takarda da matasan Adar da yawa ke karɓowa daga ɗakin gwajin jini, su duba, su ninke, su manta da ita. Wani a Tahoua ya karɓe ta, wani a Abidjan wajen neman aiki, wani a Sakkwato. An rubuta masa sukarin jini 1,18 g/L, an ce masa ba shi da ciwon suga, ya yi hamdala ya koma fada. Gaskiya aka faɗa masa, sai dai ba a ƙarasa ba.

Gwajin da ake magana shi ne na safe, bayan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci ba, bai sha komai ba sai ruwa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 1,10 lafiya ce. Daga 1,26 zuwa sama, in an maimaita wata rana aka sake samun haka, ciwon suga ne. Abin da ke tsakani kuwa bakin ƙofa ne: jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin, wanda ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. Ƙungiyar likitocin suga ta Amurka ma tun daga 1,00 take fara ƙirga wannan mataki. Ƴan cirani su lura, lambar na sauya kama da ƙasa: 1,26 g/L na takardar Nijar ko Kodibuwa shi ne 126 mg/dL, shi ne kuma 7,0 mmol/L da ake gani a wasu asibitocin Najeriya.

Matsalar wannan mataki ita ce ba ya ciwo. Babu zazzaɓi, babu kasala ta a zo a gani. Amma shi ne lokacin da aka fi samun damar juya abin. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya bi mutane sama da 3,000 masu irin wannan hali. Waɗanda suka sauya cin abinci, suka nufi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suna motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin faɗawarsu ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, kashi 31 ne. Wato ƙafa da kwano sun fi ƙwaya aiki.

Mu ɗauki misalin matashi ɗan Affala mai nauyin kilo 80, da ya bar gona yana zaune a shago a birnin Tahoua. Iyayensa gero suke ci kamar shi, amma su suna bin gona da rijiya da dabbobi da ƙafa. Shi kuwa daga gida sai kabu-kabu, daga kabu-kabu sai benci. Da safe mai shayi ya haɗa masa kofi da madarar gwangwani mai zaƙi da rabin burodi. Da rana shinkafa ko taliya, a kora da lemun kwalba. Da dare fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, kowane zagaye ya fi na baya zaƙi.

A yi lissafi. Ƙwayar sukari ɗaya ta kwali kusan giram 5 ce. Gwangwanin lemu na santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35, ƙwaya 7 ke nan. A ce kofin safe ya ci ƙwaya 4, shayin fada ya ci 5. An kai ƙwaya 16, giram 80, ba a ko taɓa tuwo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa babba kar ya wuce kimanin giram 50 a yini, gara ma ya tsaya a 25.

Shi ya sa ba mu tare da masu cewa a daina tuwo, a daina hura, a koma cin abincin da babu shi a kasuwarmu. Wannan shawara ba ta kwana uku. A fara da abin sha, domin sukarin da ke cikin ruwa shi ne ke shiga jini da gudu, kuma ba ya ƙosar da kowa. Lemu ya zama na ranar suna ko biki. A fada a tsaya a kofi ɗaya, ko a roƙi mai dafawa ya zuba naka kafin ya ƙara sukari. Za a yi maka ba'a mako guda, daga nan a saba. Hura da nono abinci ce, amma a bar zuba mata sukari, kuma a tuna ludayi goma ba ɗaya suke da ludayi talatin ba. Zuma da dabino masu albarka ne, sai dai jini yana lissafa su a cikin zaƙi.

Sai kwano. Rabin malmalar da aka saba, ko rabin shinkafar, a cike gurbin da wake, kwaɗon zogale, kabeji, kuɓewa, ko ɗan nama da kifi in da hali. Wake da ganye suna jinkirta hawan sukari bayan cin abinci. Zogale a nan miya ne da kwaɗo, kada a ɗauke shi maganin da zai hana zuwa asibiti, haka ma jiƙe-jiƙen ɗaci da ake tallatawa a tasha.

Tafiyar kuwa minti 30 ce, kwana 5 a mako, da saurin da numfashi zai ɗan hau amma kana iya magana da abokin tafiya. Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin bai cika aiki ba, shi ya sa minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci ke da amfani sosai. A zafin Afrilu da Mayu babu mai hankalin da zai ce a fita da azahar. Bayan asuba da bayan isha'i sun isa, ana iya raba ta gida biyu ko uku. Ga matashinmu mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo 6 ba, kuma a cikin wata shida ake nemansa. Ƴan mata da matan aure da ba su da fada ko filin ƙwallo, su ma su samu abokan tafiya, kuma magidanta su bar ganin abin a matsayin yawo.

Akwai inda duk wannan bai isa ba. Wanda ke jin ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, yana ramewa alhali yana ci, ganinsa na dishi-dishi, ko yana da miki a ƙafa da ya ƙi warkewa, ya je CSI ko babban asibitin jihar Tahoua a makon nan, kada ya tsaya gwada tafiya. In aka haɗa da amai da galabaita ko ruɗewa, a ranar za a kai shi. Sukari 2 g/L ko fiye a kowane lokaci na yini, tare da waɗannan alamu, ciwon suga ne. Mai juna biyu ma'auninta daban ne, ta faɗa wa ungozoma tun awon farko. Mai mahaifi ko mahaifiya da ke da ciwon, da mai hawan jini, da mai tumbi, su yi gwaji ko ba su ji komai ba, kuma siriri ma yana kamuwa. Wanda aka rubuta wa gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata uku, ya gaya wa likita in yana da sikila ko ƙarancin jini, don suna iya karkatar da sakamakon.

Muna kira ga ma'aikatan ɗakunan gwaji da na CSI, daga birnin Tahoua har Affala: mai 1,18 kada a sallame shi da "babu komai". A ba shi minti biyu na bayani, a rubuta masa a bayan takardar ranar da zai dawo a sake gwaji, kada ta wuce shekara guda.