Kuɗi da Iyali: Yadda buhu 40 ke komawa 34 a Kasuwar Singa

A wannan makon magana ta shafe ka kai tsaye, kai ma'aikacin da ya karɓi garatuti, da ke uwargida da kika kwashi adashi, kuka ce bari a sa kuɗin a sukari ko fulawa ko katan-katan na taliya a Singa, tunda an ce abinci ba ya kwantai. Gaskiya ne mutane ba sa daina ci. Amma ana karyewa a kayan masarufi kamar yadda ake karyewa a kowace harka, kuma sau da yawa ba gobara ba ce, ba ɗan damfara ba ne. Mai kuɗin ne ya saya a ranar da kwaɗayi ya kama shi, ya sayar a ranar da tsoro ya kama shi.

Ka tuna farkon shekarar 2024. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta yi ta hawa har ta kusa naira 1,900 wajen 'yan canji a ƙarshen Fabrairun 2024. Daga Wapa zuwa Singa ba nisa, kuma labarin dala ya fi ɗan dako saurin isa. Dalili kuwa a fili yake: ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas daga waje ake shigo da shi, akasari daga Brazil, haka ma yawancin alkamar da ake yin fulawa da taliya. Saboda haka farashin safe daban, na la'asar daban. Kafin tsakiyar Afrilu dala ta faɗo zuwa wajen naira 1,100, sannan ba a gama watan Mayu ba ta sake komawa kusan 1,500. Cikin wata uku kasuwa ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Irin wannan lokacin ne yake tona halin mai jari.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, don ya zo da sauƙi. Mu ƙaddara kana da naira miliyan 3 da dubu 200. Tun watan Disamba kana jin ana cewa sukari na tashi, kana ta jinkiri. Sai da abokin aikinka ya ba ka labarin ribar da ya ci, ƙaninka ma ya shiga, har mai shayin unguwarku ya fara maganar ajiye buhuna, sannan ka ga kamar kai kaɗai jirgi zai bari a tasha. Ka je ka sayi buhu 40 a kan naira dubu 80 kowanne, ka ba wani mai sito ajiya.

Lura da abin da ya sa ka saya. Ba ka da mai saye a hannu, ba ka san yawan buhun da unguwarku ke sha a mako ba. Hujjarka ɗaya ce: ya tashi jiya, don haka zai tashi gobe. Alhali lokacin da labarin riba ya kai kunnen wanda ba ɗan kasuwa ba, yawanci manyan diloli sun daɗe da cika sitonsu a farashi mai sauƙi, kuma yanzu masu saye suke nema. Kai ne mai sayen.

To, bayan mako shida dala ta karye, kamfani ya rage farashi, buhu ya koma dubu 68. Kullum ka kira mai sito sai ya ce yau ma an ɗan rage. Barci ya ƙaurace maka. A masallaci wani ya rantse maka cewa kafin Sallah sai ya koma dubu 50. Ka ce da mugun rawa gara ƙin tashi, ka sayar da duka. Buhu 40 sau dubu 68, ka karɓi miliyan 2 da dubu 720. Naira dubu 480 sun tafi, ban da kuɗin dako da na ajiya da la'adar dillali.

Ba a nan labarin ya ƙare ba. Wata biyu gaba, farashi ya dawo dubu 80, har ana cewa zai wuce. Haushi ya kama ka, ka koma ka sake saya don ka fanshe. Kuɗin hannunka yanzu buhu 34 kawai za su saya. Duba da kyau: farashin sukari yana nan daidai inda ka same shi ranar farko, bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma buhu shida sun ɓace daga jarinka. Babu wanda ya sace su. Kuma kafin miliyan 2 da dubu 720 su koma miliyan 3 da dubu 200, sai ka ci ribar kusan kashi 18 cikin ɗari, alhali asarar da ka yi kashi 15 ce. Ramin da aka faɗa kullum ya fi wuyar fita.

Yanzu kalli maƙwabcinka, ɗan tireda mai buhu 40 shi ma, wanda ke sarowa duk mako ya raba wa masu shaguna da masu gidan burodi, yana ɗora naira dubu ɗaya a kan buhu. Faɗuwar farashi ta taɓa shi shi ma, domin a makonnin da ake sauka ya sayar ƙasa da yadda ya saro. Amma da ya koma Singa, a farashin da ya sauka ya sake saro wasu. Kuɗinsa ya ragu a lissafin naira, buhunansa kuwa suna nan wajen 40. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa ba sa auna jari da naira, da kaya suke aunawa. Wannan ma'aunin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Wanda ya saro a dubu 60 ya sayar a dubu 66 yana murnar riba, idan ya dawo ya tarar kamfani ya kai dubu 72, ribar tasa ta takarda ce, don ba zai iya mayar da kayan da ya fitar ba.

Me ya sa mutum mai hankali, wanda ya iya lissafi, yake yin haka? Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun fitar da wani nazari a 1979 da ya nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciya, kuma binciken da ya biyo baya ya kimanta shi da kusan ninki biyu. Wato rasa dubu ɗari yana yi maka ciwo kamar yadda samun dubu ɗari biyu zai faranta maka. Wannan ciwon shi ke sa a zubar da kaya don kawai a huta da fargaba. Abin mamaki, shi ne kuma ke sa wani ya ƙi sayarwa sam.

Wannan na biyun ya fi ɓoyuwa, kuma a ganina ya fi cin jarin iyalai. Mutum ya kafe a kan farashin da ya saya: "Ni dubu 80 na saya, ba zan sayar ƙasa da haka ba." Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba, ba ta kuma damu ba. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara da alkama da shinkafa, na kwana 150. A cikin 2025 farashin hatsi da shinkafa ya sauka, kuma wannan saukar ba ta mako biyu ba ce. Waɗanda suka tara kaya suna jiran tashin da suka saba gani sun yi ta jira. Kayan Singa kuma ba zinare ba ne. Fulawa tana yin ƙwari, sukari yana dunƙulewa idan laimar damina ta same shi, katan ɗin taliya da na madara suna da ranar lalacewa a jikinsu, kuma mai shago ba zai karɓi wanda ya rage wata biyu a farashin sabo ba. Ga kuɗin sito yana tafiya. Ga jarin a kwance, alhali da yana juyawa a naira dubu 40 duk mako kamar na ɗan tiredan can, cikin mako 12 ya mayar da dubu 480 ɗin nan. Ban ma shiga batun ɓoye abinci ba, wanda addini ya hana, kuma a Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau a kansa.

To, idan sayarwa na iya zama firgici, riƙewa kuma na iya zama taurin kai, yaya za ka gane wanne kake ciki? Tambayi kanka abin da ya canza, ba nawa aka rage ba. Idan kamfani ya sauke farashinsa a hukumance, ko an buɗe iyaka, ko kaka ta yi kyau sabon amfani ya shigo, to dalilin tashin ya gushe, kuma sayarwa da ƙaramar asara hankali ne. Idan kuwa duk hujjarka ita ce "an ce" da saƙon murya da aka turo a waya, jira kwana uku, ka tambayi dila biyu da ba su san juna ba nawa suka sauke mota a makon nan. Sannan ga wata tambaya mai saurin warware rigima: da a ce kuɗi ne a hannunka yau ba buhuna ba, za ka sayi wannan kayan a farashin yau? Idan amsar a'a ce, riƙonka ba dabara ba ce.

Mafi yawan firgici kuma tun ranar saye ake shuka shi. Wanda ya sa kuɗin makarantar yara ko na haya, ko ya ɗauki kaya bashi zai biya cikin wata ɗaya, ba shi da zaɓin jira. Ranar biya ce za ta sayar masa. Ki yi wa maigida wannan tambayar kafin ki miƙa masa kuɗin adashinki: yaushe za mu buƙaci kuɗin nan, kuma wa za mu sayar wa? Ku rubuta amsar a takarda, tare da farashin da idan an sauka zuwa gare shi za ku rage kaya, da watan da ko an tashi ko ba a tashi ba za ku fitar da su.

Kuma kada a zuba kuɗin gaba ɗaya rana guda. A misalinmu, da ka sayi buhu 20 da rabin kuɗin a dubu 80, ka riƙe miliyan 1 da dubu 600, da saukar farashi ta zame maka dama, don a dubu 68 za su saya maka buhu 23 har da canji. Buhu 43 ke nan a maimakon 34. Wannan dabarar tana da nata kuɗin: da farashi ya ci gaba da hawa zuwa dubu 90, rabin na biyu buhu 17 kawai zai saya, ka tashi da 37 a maimakon 40. Buhu ukun nan su ne ladan da ka biya don ka kwana da kuɗi a hannu ranar da kowa a layin yake neman mai saye.