Raddi Ga Masu Cewa Ramin Iyafis Ya Gama Aiki

Ramin iyafis, wato ƙaramar kafar nan mai faɗin milimita 3.5 da ke jikin waya, ya fara ɓacewa daga manyan wayoyi tun da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da shi ba a shekarar 2016. Daga nan wani ra'ayi ya yaɗu tsakanin masu saye da sayarwa, cewa mai son sauti mai kyau ya duba abu biyu kawai: sifika biyu masu sitiriyo, da sunan kodek mai tsada kamar LDAC ko aptX a jikin kwali. Rami kuwa, a cewarsu, kayan wayar talaka ne. Ra'ayin ya jingina da hujjoji huɗu, kuma kowacce tana da inda ta gaza.

Hujjarsu ta farko ita ce bulutut ya kamo iyafis mai waya wajen ingancin sauti. Kodek shi ne hanyar da ake matse sauti kafin a tura shi ta iska, domin bulutut ba ya iya ɗaukarsa yadda yake. Sautin faifan CD yana gudana ne a kan kilobit 1,411 a daƙiƙa. SBC, wanda kowace na'urar sauraren waƙa ta bulutut take da shi, ba ya wuce kimanin 328. AptX yana ba da 352, LDAC na kamfanin Sony kuma yana kaiwa 990. Adalci ne a yarda cewa a kan iyafis mai kyau, yawancin kunnuwa ba za su bambance LDAC da haɗin igiya ba. Inda hujjar ta karye shi ne kodek ba ya aiki sai ɓangarorin biyu sun san shi. Idan waya tana da LDAC amma iyafis ɗin da aka saya SBC kaɗai ya sani, to da SBC za a yi maganar, kuma sau da yawa wayar ba za ta nuna ba. Ita iPhone SBC da AAC kawai take turawa, komai tsadar abin da aka haɗa mata. Ko LDAC ɗin ma mataki uku gare shi, 330 da 660 da 990, kuma idan aka bar shi ya zaɓa da kansa yakan sauko ƙasa a wurin da wayoyi suka yi cunkoso, kamar tsakiyar kasuwar Farm Centre a Kano.

Ana iya gane gaskiyar lamarin kafin a biya kuɗi. A wayar Android, a taɓa Build number sau bakwai, sai Developer options ya buɗe; a haɗa iyafis, a duba Bluetooth audio codec, nan za a ga wanda ke aiki a lokacin. Sannan akwai tambayar da masu ra'ayin ba sa yi: me ake saurare? Waƙar da aka tura cikin memori a kan kilobit 128, ko karatun da ya bi hannu goma a WhatsApp, ya riga ya rasa abin da ya rasa, kuma babu kodek ɗin da zai dawo da shi.

Hujja ta biyu, cewa duk abin da iyafis mai waya ke yi na bulutut ma yana yi, ita ce mafi rauni, kuma ita ce ke cutar da masu naɗar murya. Duk kodek ɗin da aka ambata a sama na saurare ne, hanya ɗaya suke bi, daga waya zuwa kunne. Da zarar aka buɗe makirufon iyafis na bulutut, sai haɗin ya koma tsarin kiran waya, inda yawanci ake ɗaukar murya sau 8,000 ko 16,000 a daƙiƙa, alhali makirufo mai waya yana samun 44,100 ko 48,000. A ƙa'ida, sautin da ake iya kamawa ba ya wuce rabin wannan adadi. Saboda haka abin da ke saman murya, wanda ke raba harafin "s" da "sh" ko ke ba kalangu kaifinsa, yana dushewa. Almajirin da ya naɗi karatun malaminsa ta wannan hanya zai ji muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. Da ya saka ƙaramin makirufon maƙalawa a rami, ya maƙala shi a wuyan rigar malam, da haruffa sun fito tsaf. Abin lura ɗaya shi ne bakin makirufon: waya tana son mai zobe uku baƙaƙe, mai zobe biyu kuwa na kamara ne, in an saka shi wayar za ta ɗauka iyafis ne zalla, ta ci gaba da naɗa da nata makirufon.

Ga kuma jinkiri. Sauti ta bulutut yakan makara da abin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Mai kallon fim ba ya lura, domin manhajar tana jinkirta hoto ya jira sauti. Mawaƙin da ke ɗora murya a kan kiɗa ba shi da wannan gata. A ce kiɗan yana bugawa sau 120 a minti, tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ke nan. Jinkirin nan ya cinye kashi biyu cikin biyar na wannan tazara. Mawaƙin yana bin abin da kunnensa ya ji daidai, amma idan aka kunna naɗin sai a ji muryar tana jan ƙafa bayan kiɗa daga farko har ƙarshe. Da iyafis mai waya jinkirin da haɗin ke kawowa bai kai a ji shi ba.

Hujja ta uku ita ce sifika biyu sun wadatar. Suna da daɗi wajen kallo, babu musu. Sai dai a wayoyi da yawa ta biyun ita ce 'yar sifikar kunne ta amsa kira, wadda ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tsawon wayar ba, don haka rabuwar hagu da dama ba ta fitowa sai an kwantar da wayar a kaikaice kusa da fuska. Ƙanƙantarsu ba ta barin su fitar da amon babbar ganga. Kuma ba ruwansu da naɗi: naɗin sitiriyo ya dogara ne da yawan makirufo da kuma manhajar da ke amfani da su.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce adafta tana maye gurbin rami. Tana yi, da sharaɗi. Adaftar USB-C iri biyu ce: mai ɗauke da ɗan guntun da ke mayar da lambobi sauti a cikinta, da wadda waya ce zalla. Ta biyun ba ta aiki sai a wayar da ke fitar da sauti kai tsaye ta kafar caji, wayoyi da yawa kuwa ba sa yi, shi ya sa wani zai saya ya saka ya ji shiru. Ko wadda ke aiki, ta toshe kafar caji, wanda ke naɗar tafsiri na sa'a biyu da batir rabi kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Haka nan a mafi yawan wayoyin da ke da rediyon FM, igiyar iyafis ce eriya. A ƙasar da ake sauraren rediyo safe da yamma, kuma data ke da tsada, wannan na cikin dalilan da suka sa ramin ke da daraja a ƙananan wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda da yawansu har yanzu suna zuwa da shi.