Lambobin kwastomomi ba za su dawo da ciniki ba sai an san ranar da kowa ya saya

Duk wanda ya san unguwar Hubbare a birnin Sakkwato ya san irin baƙin da ke zuwa ziyarar kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, daga sassan Najeriya da kuma Jamhuriyar Nijar. Baƙo zai sayi turare ko hula ko littafi, ya koma garinsu. Sai dai sau da yawa yakan bar lambarsa a wayar mai kanti. Ra'ayina shi ne, talla ga waɗannan lambobi ta fi talla ga mutanen da ba su san ka ba, amma fa sai ga ɗan kasuwar da ya rubuta abin da kowa ya saya da ranar da ya saya.

A Ads Manager na kamfanin Meta, za ka shiga Audiences, ka zaɓi Custom audience, sannan Customer list, ka loda fayil ɗin CSV. Kafin lambobin su bar kwamfutarka ana rikiɗa su da tsarin SHA-256, sannan Meta ya gwada su da na masu asusun Facebook da Instagram. Waɗanda suka dace su ne za su ga tallar.

Matsala ta farko ita ce yadda ake rubuta lambar. Dole a cire sifirin farko a sa 234, na Nijar kuma a sa 227. Idan ka ga mutanen da aka samo sun yi ƙaranci sosai, buɗe fayil ɗin ka duba, domin Excel yakan dunƙule doguwar lamba ya lalata ta. Ko da komai ya yi daidai, ba duka za su dace ba: wani da tsohon layi ya buɗe Facebook, wata kuma lambar mijinta ta bayar. Kuskure na biyu shi ne taƙaita tallar ga Sakkwato. Baƙon yana Gusau ko Maraɗi yanzu, don haka wannan zaɓi zai cire ainihin wanda kake nema.

A ce mai turare yana da lambobi 1,000 na waɗanda suka saya wata biyu zuwa huɗu da suka wuce, lokacin da kwalbar ta kusa ƙarewa. Su ya kamata ya nema. Wanda ya saya a makon jiya a cire shi, don kuɗin da aka kashe masa asara ne. Sai ya loda 800, ya ware 200 da ka, ba tare da zaɓe ba, kada su ga tallar. Bayan wata guda, a ce mutum 64 cikin 800 sun sake saye, wato kashi 8 cikin ɗari, su kuma 200 ɗin mutum 10 sun dawo da kansu, wato kashi 5. Bambancin kashi 3 ne, kimanin ciniki 24, ba 64 ba. Idan ribar kowane ciniki naira 2,000 ce, tallar ta kawo 48,000. In ya kashe 30,000 ya ci riba. In 60,000 ya kashe, ya faɗi, komai yawan saƙon da ya shigo. Tunda 200 ba su da yawa, gara a maimaita gwajin kafin a yanke hukunci.

Wasu za su ce me zai hana a tura saƙon WhatsApp kyauta? Ga mai lambobi ɗari biyu ko uku, suna da gaskiya, domin ƙaramin rukuni yakan sa mutum ɗaya ya yi ta ganin talla guda har ta gundure shi, abin da za ka gane a ma'aunin Frequency. Amma jerin aika saƙo na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya adana lambarka ne zai samu saƙon. Baƙon da ya saya sau ɗaya da wuya ya adana.

Sai batun amana. Wanda ya ba da lamba don a kawo masa kaya bai ce a bi shi da talla ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla, kuma Meta na sa ka tabbatar kana da hurumin loda su. Saboda haka ka tambaya a lokacin ciniki, ka rubuta amsar a littafi tare da rana da sunan kaya. Masu sayen lambobi ko kwashe su daga zaurukan WhatsApp kuwa, ba kwastomomi suke lodawa ba, don wanda bai taɓa saye a wurinka ba babu yadda za a yi ya "dawo".